Yadda makaho ke jin hoto, kurma ke karanta murya: misalin tallar man gyaɗa a Maradi

Makaho mai babbar waya sauraren wayarsa yake yi. A wayoyin Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, aikinsu su karanta da murya duk abin da yatsa ya taɓa. Mutum zai ja yatsa zuwa dama, muryar ta faɗi abu na gaba, in ya ji abin da yake nema sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Haka yake bin Facebook da WhatsApp saƙo bayan saƙo, kuma wanda ya saba yakan ƙara wa muryar sauri har mai ido da ke zaune kusa da shi ya kasa tsintar kalma guda. Muddin rubutu ne da aka buga da yatsa, babu matsala. Inda tafiya ke tsayawa shi ne hoto, domin manhajar ba ta da abin karantawa a cikinsa sai abin da aka rubuta mata a gefe.

Mu kuwa a Maradi kusan duk sanarwarmu ta koma hoto. Katin ɗaurin aure hoto ne, sanarwar rasuwa hoto, jadawalin jarrabawa hoto, farashin kaya ma a kan hoto ake rubuta shi da launuka. Mai ido na ganin rubutu ne, amma a wurin waya zane ne kawai. Abin da ke damuna ke nan, domin labarin da mutum ya fi bukata, wato rana da wuri da kuɗi, shi ne aka kulle a inda makaho ba ya kaiwa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata baiwar Allah ce a unguwar Zariya, tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, ɗiyarta ke kula mata da shafin talla. Yarinyar ta haɗa hoto mai kyau: kwalabe uku na mai a kan tabarma, faranti cike da ƙuli-ƙuli, a sama an rubuta cewa lita ɗaya 1500 F, ana kai wa mutum har gida daga Litinin zuwa Alhamis, a ƙasa ga lambar waya. Ta ɗora shi, ta rubuta "Sai kun zo" da alamun zuciya guda shida.

Me makaho zai ji? Tun shekarar 2016 Facebook ke ƙoƙarin bayyana hotuna da kansa, saboda haka ba shiru za a yi ba. A wayar da aka saita da Faransanci zai ji wani abu da ya fara da "Peut être une image de", sannan a lissafo masa kwalba ko abinci ko rubutu. Wani lokaci na'urar kan kwafo rubutun da ke kan hoton, sai dai in an yi shi da haruffa masu ado, ko an karkata shi, ko launinsa ya saje da na bayansa, sai ya fito a hargitse, farashi ya riga sunan kaya, lambar waya ta rasa wani sashe. Bayan haka muryar za ta karanta "Sai kun zo", ta bi alamun zuciyar nan da sunansu. Mutumin ya san an yi talla, bai san ta mece ce ba, bai san nawa ba.

Maganin wannan shi ne bayanin hoto, wani ɗan rubutu da ake liƙa wa hoton a ɓoye, mai ido ba ya ganinsa amma manhajar karatu na faɗinsa. A Facebook da Instagram za a same shi da sunan "Texte alternatif" in wayar na Faransanci, ko "Alt text" in tana Turanci. Yakan kasance cikin zaɓin gyaran hoto ko cikin saitunan ƙarshe kafin a wallafa, kuma kamfanonin kan sauya masa wuri, don haka sunan ya kamata a riƙe. A X, wato tsohon Twitter, maɓallin "+ALT" ne ke fitowa a jikin hoton, kuma yana ɗaukar har haruffa 1000. Samun wurin ba shi ne wahala ba. Abin da za a rubuta a ciki shi ne aikin.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su bayyana kamannin hoton su manta da aikinsa. Yarinyar za ta iya rubuta: "Kyakkyawan hoto mai launin ja da ɗorawa, da kwalabe a kan tabarma mai zane-zane." Duk gaskiya ne, amma wanda ya ji wannan ba zai iya sayen mai ba. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da intanet, da ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, waɗanda bugu na biyu nasu ya fito a 2008, sun tsaya ne a kan wannan gaɓar: rubutun da ke maye gurbin hoto ya yi aikin da hoton ke yi. To, aikin wannan hoton shi ne ya sa a sayi mai. Tambayar da mai rubutu zai yi wa kansa ita ce, da a waya nake gaya wa wani abin da ke cikin hoton nan, me zan fara faɗa? Ba wanda zai fara da launin tabarma. Ga yadda ya kamata ya kasance:

"Tallar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Lita ɗaya 1500 F. Ana kai wa har gida, Litinin zuwa Alhamis. A hoton akwai kwalabe uku na mai da faranti na ƙuli-ƙuli."

A lura da jerin. An fara da irin abin, talla ce, don wanda ba ya bukatar mai ya wuce tun daga kalmar farko, kamar yadda mai ido ke wucewa da kallo ɗaya. Sai kuɗi da rana, sai kamanni a ƙarshe kuma a taƙaice. Ba a ce "hoton" a farko ba, domin manhajar da kanta takan sanar cewa hoto ne. Ba a ce "mai kyau" ko "mai daɗi" ba, wannan hukunci ne, a bar wa mai saye. Da hoton na wani aiki ne daban, da bayanin ya sauya ko da kayan cikinsa ba su sauya ba. In mai koyar da sana'a ce ta ɗora shi don ta nuna bambancin man da ya kwanta da wanda bai kwanta ba, to launin man da laka-lakan da ke gindin kwalba su ne labarin, farashi kuwa ba ya da wuri.

Na bar lambar waya a waje da gangan. Bayanin hoto muryar kan zubo shi ne a dunƙule, kuma komawa baya a tsinci lamba ɗaya-ɗaya a cikinsa, ko a kwafe ta, ya fi wuya fiye da a rubutun fili. Saboda haka lambar waya da kwatancen gida su tafi cikin rubutun da kowa ke gani a saman hoton ko ƙasansa. Kuma lambobinmu na Nijar guda takwas ne, a raba su biyu-biyu yadda muke faɗinsu. In aka haɗe su wuri guda, wata muryar sai ta karanta su a matsayin miliyan kaza da dubu kaza, mutum ya rasa ta inda zai kama.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Bayanin hoto ba ya cikin hoton, yana ajiye ne a wurin Facebook ko Instagram. Da zarar wani ya sauke hoton ko ya ɗauki hoton fuskar waya ya tura shi rukunin WhatsApp na dangi, bayanin ya tsaya can baya. Mu kuwa ta WhatsApp labari ya fi yawo. A can abin da ke hannun mutum shi ne rubutun da ake sa wa a ƙasan hoto kafin a tura, don haka duk abin da ke kan hoton a sake buga shi a nan, ko a bi shi da gajeren saƙon murya. A ganina wannan ɗabi'ar kaɗai, ta sake buga abin da ke kan kati a rubutun fili, ta fi kowane maɓalli amfani a garinmu.

Yanzu ga wata gaɓa da ta shafe mu musamman. Muryar da ke karatu tana bin ƙa'idar harshen da aka saita ta da shi, kuma wayoyi da yawa a nan da Faransanci suke. Muryar Faransanci in ta samu Hausa, da dokokin Faransanci za ta furta ta. Ba ta furta "h", tana mayar da "au" ya zama "o", "ai" ya zama "e", sannan "s" da ke tsakanin wasula biyu ya koma "z". Kalmar "Hausa" kanta za ta fito kusa da "oza", "kai" ya fito "ke". Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wata muryar kan tsallake su ko ta tsaya ta ambaci sunan harafin a tsakiyar kalma. Wanda ya daɗe yana sauraro kunnensa kan saba, ya riƙa mayar da kalmomin daidai a ransa, amma aiki ne, kuma yana ƙaruwa in jimla ta yi tsawo ko an cika ta da gajarce-gajarcen hira irin su "slm" da "ykk".

Ba na cewa a bar Hausa, ko a lalata rubutunta don a faranta wa na'ura. Abin da nake ba da shawara shi ne gajerun jimloli masu aya a ƙarshe, domin aya ce ke sa muryar ta numfasa. Kuɗi da kwanan wata a rubuta su da lamba, tunda lamba kam muryar za ta faɗe ta daidai da Faransanci. In masu bin shafin sun haɗa da waɗanda suka yi lakwal, layi ɗaya na Faransanci mai ɗauke da kaya da farashi da rana ba zai rage komai ba. Haruffan ado kuwa, irin waɗanda ake kwafowa daga wasu manhajoji don suna ya fito da kauri ko a karkace, a rabu da su. A wurin na'ura alamomin lissafi ne, ko ta yi shiru a kansu ko ta karanta su ɗaya-ɗaya da dogon suna.

Hanyar gane ko an dace ba ta wuce gwaji. A shiga "Paramètres", sai "Accessibilité", a kunna TalkBack, a koma kan abin da aka wallafa a saurara ba tare da kallo ba. Kafin a kunna a san cewa taɓawa ɗaya zaɓi ne kawai, sai an ƙwanƙwasa sau biyu abu ke buɗewa, kuma da yatsu biyu ake jan shafi, don kada a rikice wajen kashewa. In bayan sauraro ɗaya ka iya faɗin me ake sayarwa, nawa ne, yaushe, to ya yi.

Mu koma ga bidiyo. A ce yarinyar ta ɗauki na daƙiƙa 40: tana riƙe da waya tana tambaya, mahaifiyar na zaune gaban kwalabe tana amsawa. Ga makaho gyaran kaɗan ne, kuma a baki yake. Maimakon uwar ta ɗaga kwalba ta ce "wannan kaza, wannan kuma kaza", ta ce "babbar kwalba ta lita ɗaya" da "ƙaramar ta rabin lita". Maimakon "ga lambar nan a ƙasa", a karanto lambar. Shi ke nan.

Kurma ne bidiyon ke bari a baya gaba ɗaya. Yana ganin baki na motsi, ana ɗaga kwalba, ana dariya, bai san an ambaci kuɗi ba. Kada a dogara da cewa zai karanta leɓe. Sautuka da yawa a cikin baki ake yinsu inda ido ba ya kaiwa, "k" da "g" da "ƙ" kamanninsu ɗaya a leɓe, balle mai tambayar da ke bayan waya ba a ma ganin fuskarta. Abin da ake bukata shi ne rubutun magana, wato a rubuta abin da ake faɗa a ƙasan bidiyon daidai lokacin da ake faɗinsa.

Kafin a rubuta kalma ɗaya sai an san wa zai karanta, domin kurame ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya girma yana jin Hausa, daga baya ciwo irin sanƙarau, wanda yankinmu ya sani sarai, ko tsufa ya tafi da jinsa. Wannan Hausa harshensa ne, in ya iya boko zai karanta ta a sauƙaƙe. Akwai kuma wanda aka haifa kurma ko ya kurmance tun yana jariri. Harshensa na farko maganar hannu ce, bai taɓa jin Hausa ba, in kuma ya yi makarantar kurame to rubutun da ya koya galibi na Faransanci ne. A wurinsa rubutacciyar Hausa mai karin magana da zaurance na iya zama baƙuwa duk da cewa a gidan Hausawa ya tashi. Wanda ke da kurame cikin masu bin shafinsa ya tambaye su wane rubutu ya fi musu sauƙi. In ba hali, a yi Hausa mai sauƙi, a sa kuɗi da rana da lamba, a kuma nuna abin da hannu a cikin bidiyon. Rubutun magana ba ya maye gurbin mai fassara da hannu ga wanda bai yi karatu ba, wannan iyakarsa ce kuma gara a san da ita.

Batun kuɗin nan yana da tarko. Uwar za ta ce "jika ɗaya da rabi", ko "dala ɗari uku", domin da dala muke lissafi a baki, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In aka rubuta "300" saboda an ji "ɗari uku", mai karatu zai ɗauka 300 F ne, alhali 1500 F ake nufi. A rubuta adadin sefa da harafin F a gefensa.

Sai lokaci da tsawo. Masu wannan aiki sun daɗe da tsayawa a kan layi biyu a lokaci guda, ba fiye ba. Netflix, misali, na iyakance layi a haruffa 42, kuma rubutu ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 7 a fuska. A bidiyon tsaye na waya layin ya fi haka gajarta, domin faɗin fuskar kaɗan ne. Wajen sauri, ni ina ganin a ba masu karatunmu kamar daƙiƙa ɗaya ga kowane haruffa 12, tunda da yawa ba su saba karanta Hausa a guje ba. Jimlar "Lita ɗaya ta man gyaɗa jika ɗaya da rabi" haruffa 40 ce har da tazarar tsakanin kalmomi, ke nan tana son fiye da daƙiƙa uku. In uwar ta faɗe ta cikin daƙiƙa biyu ta wuce, sai a taƙaita zuwa "Lita ɗaya: 1500 F", wadda ba ta kai rabin tsawon ba. Ana rage maimaici da "to" da "ka gane", amma ba a sauya ma'ana, ba a kuma goge gaisuwa da barkwanci gaba ɗaya, domin kurma ma yana son ya san dalilin dariyar da yake gani.

Ga yadda farkon zai kasance a fayil irin na SRT, wanda rubutu ne zalla mai lamba da lokacin farawa da na ƙarewa:

```
1
00:00:01,000 --> 00:00:03,500
Ɗiya: Inna, nawa ne lita yau?

2
00:00:03,600 --> 00:00:06,500
Inna: Lita ɗaya 1500 F, ɗiyata.

3
00:00:06,600 --> 00:00:09,000
[kiran salla daga nesa]
```

An sa sunan mai magana saboda yarinyar ba ta cikin hoto, in ba haka ba mai karatu zai zaci uwar ce ke tambayar kanta. Kiran sallar kuma an rubuta shi ne don uwar ta yi shiru ta waiwaya a daidai nan, kuma wanda ba ya ji zai so sanin dalili. Ƙarar babur da ta wuce ba ta sauya komai ba, ba sai an rubuta ta ba. Wajen ajiye fayil ɗin a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ɗ da ƙ za su koma alamar tambaya ko ƴan akwatuna. YouTube na karɓar irin wannan fayil, Facebook ma haka, sai dai shi yana son sunan ya ƙare da alamar harshe da ƙasa, kamar `talla.fr_FR.srt`.

Amma fayil ɗin SRT yana da irin raunin bayanin hoto: a gefe yake tafiya. In aka sauke bidiyon aka sa a "Statut" na WhatsApp, ko aka tura ta Xender a bakin kasuwa, rubutun ba ya biyo shi. Don haka ga bidiyon da aka san zai yi yawo daga waya zuwa waya, gara a manna rubutun a jikinsa da manhajar gyaran bidiyo irin CapCut ko InShot, a buga kowane layi da hannu a ja shi zuwa daƙiƙarsa. Maɓallin da ke rubutawa da kansa, in yana sauraro da kunnen Faransanci ko Turanci, zai mayar da Hausa wasu kalmomi marasa kan gado, kuma barin wannan ya fi rashin rubutun muni, domin mai karatu ba ya da hanyar sanin an yi kuskure.

Rubutun da aka manna shi ma sai an kula. WhatsApp na matse bidiyo don ya rage cin mega, siraran haruffa kan narke, don haka a zaɓi masu kauri, farare a kan baƙar shimfiɗa, kada a ɗora fari a kan farin mayafin uwar. A ɗaga shi sama kaɗan daga gindin fuskar, inda sunan shafi da maɓallai ke rufewa, amma kada ya hau bakin mai magana ko kwalbar da ake nunawa. Kafin a wallafa, a tura wa wata ƙaramar waya, a kashe sautin gaba ɗaya, a miƙa wa wanda bai san abin da aka faɗa ba. In ya tsayar da bidiyon don ya ƙarasa karanta wani layi, wannan layin ne za a rage wa kalmomi ko a ƙara masa daƙiƙa ɗaya, sannan a sake fitar da bidiyon.